Sunan maganina yana fitowa a fuskar waya tana kulle, yaya zan ɓoye shi ba tare da na rasa ƙarar ba?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin kan waya ku taimaka min. Likita ya ɗora ni kan wani magani da nake sha kullum ƙarfe 8 na dare, kuma ya ja min kunne kada lokacin ya riƙa gocewa. Sai na sauke wata manhajar tunatarwa, na rubuta sunan maganin da yawan ƙwayoyin. Makon jiya mun kwana huɗu ba wuta a layinmu nan Tudun Wada, na aiki yaro ya kai wayar shagon caji bayan la'asar. Ɗinki ya ɗauke min hankali, ban je karɓa ba sai bayan isha'i. Mai shagon yana miƙo min ita ya ce, "Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi." Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Na duba, ga sunan maganin ɓaro-ɓaro a kan fuskar wayar. Ciwon nan daga ni sai maigidana sai mahaifiyata muka sani. Da na dawo gida na kashe sanarwar manhajar gaba ɗaya, kuma ga shi dare biyu ke nan ina makara, jiya sai wajen 11 na tuna. Abin da nake so shi ne wayar ta yi ƙara ƙarfe 8, amma wanda ya leƙa kada ya ga abin da aka rubuta. Android ce.

Hajiyar Gyallesu: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki lafiya. Ki sa wayar a shiru duk lokacin da za ki kai ta caji mana, ni haka nake yi, ba mai jin komai.

Maman Hanan: Amin Hajiya, na gode. Ai ƙarar ita nake nema, rubutun ne ba na so a gani. Ko ta yi shiru fuskar tana kawo haske, rubutun ya fito.

Abba Samaru: Anti abu mai sauƙi ne. Ki sa wa manhajar makulli, akwai App lock a cikin wayar. Ba mai iya buɗe ta sai da zanen yatsanki. Shi ke nan.

Malam Nura mai gyaran waya: Abba, makullin manhaja yana hana mutum shiga cikinta, amma a wayoyi da yawa ba ya taɓa sanarwar da manhajar ke jefowa waje. Ka kulle ƙofar ɗaki ne alhali ta taga ake leƙe. Na sha ganin haka a shagona nan PZ, mutum ya kulle WhatsApp amma saƙonsa yana karantuwa a kan teburina.

Hajiya Maman Hanan, kafin komai ki amsa min tambaya ɗaya. Idan za ki buɗe wayar, kina sa lamba ko zane, ko kawai jan fuskar kike yi sama ta buɗe? Dalilin tambayar shi ne, waya ba ta ɓoye rubutu sai idan tana da makulli na gaske, wato PIN ko zane ko kalmar sirri. Idan ja kawai ake yi, a wajen wayar duk wanda ya riƙe ta shi ne mai ita, ba ta da wanda za ta ɓoye wa abu. Shi ya sa a wasu wayoyin ma zaɓin ɓoyewar ba ya bayyana sam sai an sa makulli.

Idan kin sa, ki shiga Settings, ki taɓa Notifications, ki nemi layin da ke maganar lock screen. Sunan yana bambanta daga waya zuwa waya, don haka mafi sauƙi ki rubuta lock screen a wurin bincike da ke saman Settings. Za ki ga zaɓi kamar uku. Ɗaya yana nuna komai, ɗaya yana cewa Hide sensitive content ko wani abu mai kama da haka, na ukun kuma ba ya nuna komai. Na tsakiyar za ki ɗauka. A Samsung sunansa Hide content, yana ƙarƙashin Lock screen notifications. Kada ki taɓa komai da ya shafi sauti. Sannan ki mayar da sanarwar manhajar da kika kashe.

Maman Hanan: Malam Nura, gaskiya ba lamba. Na cire ta tun bara saboda yara suna yawan kulle min ita da gwaje-gwaje. Yanzu na sa PIN, na kuma samu zaɓin, na ɗauki na tsakiyar. Ƙanwata ta turo min saƙo, ya fito ba rubutu, sunan WhatsApp kawai. Alhamdulillah. To amma na sa tunatarwar gwaji ta minti biyu, na kulle na ajiye, da ta yi ƙara sai ga sunan maganin ya sake fitowa cikakke. Ina na yi kuskure?

Abba Samaru: To wayar ce ta rikice. Ki kwashe hotunanki ki goge ta gaba ɗaya ta koma sabuwa.

Sadiya Kongo: Don Allah Anti kada ki goge komai, wayarki lafiyarta ƙalau. Ina ɗan rubuta manhajojin Android, bari in faɗi abin da nake zargi. Tun daga Android 5.0 da ta fito a 2014, duk sanarwar da manhaja za ta aiko, wanda ya rubuta manhajar yana iya manna mata ɗaya daga cikin alamomi uku:

```
VISIBILITY_PUBLIC
VISIBILITY_PRIVATE
VISIBILITY_SECRET
```

Ta farko tana nufin a nuna wa kowa, ta biyu a ɓoye rubutun idan mai waya ya nemi haka, ta uku kada a nuna komai idan waya tana kulle. In bai zaɓi komai ba, ta biyun ake ɗauka. Zaɓin da Malam Nura ya sa kika kunna yana aiki ne a kan masu alama ta biyu kawai. Wayar ba karanta rubutun take yi ta gane cewa sunan magani sirri ne ba, abin da manhajar ta faɗa mata shi take bi. Masu yin manhajar tunatarwa kuwa wasunsu suna sa alama ta farko da gangan, a tunaninsu taimako ne ka ga tunatarwarka ba sai ka buɗe waya ba. Shi ya sa saƙon ƙanwarki ya ɓoyu, wannan ya ƙi.

Malam Nura mai gyaran waya: Madalla Malama Sadiya, ni a aikace na san abin, dalilinsa yau na ji shi filla-filla. To Hajiya ga gyaran. Akwai wani saitin da ya fi ƙarfin abin da manhajar ta zaɓa wa kanta, amma a cikin ita manhajar yake, ba a babban wurin ba.

Ki sake sa tunatarwar gwaji. Idan ta zo, ki buɗe wayar, ki jawo sanarwar daga sama, ki danne ta da yatsa ki riƙe kamar daƙiƙa biyu. Za ki ga alamar saiti ko kalmar Settings, ki taɓa. Zai kai ki shafin sanarwar wannan manhaja kaɗai. Tun daga Android 8 a 2017 aka raba sanarwar kowace manhaja gida-gida, ki ga gidan tunatarwa daban, na talla daban, na wasu abubuwa daban. Na ce ki bi ta hanyar danne sanarwar ne saboda galibi tana nuna miki ainihin gidan da ta fito, ba sai kin yi ta lalube ba. Ki taɓa sunan gidan, ba maɓallin kunnawa da kashewa da ke gefensa ba. A ciki akwai layi mai suna Lock screen. Nan ma ki zaɓi ɓoye rubutu.

Abu biyu ki kiyaye a wannan shafin. Kada ya koma Silent, ki bar shi a Default ko Alerting, duk wanda wayarki ta rubuta. Kuma ki duba layin Sound yana da sauti, ba None ba. Yawancin masu zuwa min da kukan tunatarwa ta daina ƙara, a nan suka taɓa ba su sani ba.

Wajen gwaji kuma, ki kulle da maɓallin gefe, ki ajiye ta nesa da fuskarki, ki sa wani ya duba miki. In kina da buɗewa da fuska, kina kallonta za ta gane ki ta bayyana rubutun, ki zaci gyaran bai yi ba.

Mai Caji Ƙofar Doka: Salam. Ni sana'ata ke nan, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki. Hajiya ki yi haƙuri da abin da ɗan'uwanmu ya yi, wataƙila addu'a ya yi nufi, amma da ya yi shiru ya fi. Gaskiyar magana, ba leƙe muke yi ba. Wayoyi suna jere a gabanka, ɗaya ta yi ƙara ta kawo haske, ido da kansa yake zuwa. Na ga kuɗin da ya shiga asusun mutane, na ga lambar sirrin da banki ke turowa, na ga saƙon miji da mata. Kuma ba ni kaɗai ke shagon ba, akwai yara masu taya ni, akwai masu zaman jiran tasu. Ni shawarata, in ba ka jiran kira, ka kashe wayar kafin ka ba mu. Ta fi saurin cika ma.

Baban Khalifa: Wannan magana ta taɓa ni. Ina harkar hatsi a kasuwar Sabon Gari. Akwai ranar da muna ciniki, wayata tana kan buhu, saƙon banki ya shigo da ragowar kuɗin asusuna, wanda nake roƙon ragi a wajensa yana kallo. Daga nan cinikin ya canza. Tawa iPhone ce. Ɗana ya shiga Settings, Notifications, Show Previews, akwai Always, When Unlocked da Never, ya sa min When Unlocked. Yanzu ƙarar tana zuwa, rubutun ba ya fita sai na kalle ta ta gane ni. Ya ce ana iya yi wa kowace manhaja nata daban a cikin jerin da ke ƙasa. Sai dai fa in ina riƙe da ita a cikin mutane, tana gane fuskata rubutun ya buɗe, na kusa da ni ya gani. Saboda haka saƙon tes na mayar da shi Never.

Maman Hanan: Jama'a ya yi! Na bi yadda Malam Nura ya ce, gidan da ke ciki nasa a kan nuna komai yake. Na canza, na ba maigida ya duba, ta yi ƙara kuma ba sunan magani. Allah ya saka da alheri. Amma akwai saura. Sunan manhajar da hotonta suna nan, hoton kuwa ƙwayar magani ce. Duk wanda ya gani ya san magani nake sha, ko da bai san wanne ba. Mutanenmu kuma kun san su da tambaya.

Malam Nura mai gyaran waya: Wannan iyakar zaɓin tsakiya ke nan, rubutu yake ɓoyewa, ba ya ɓoye wanda ya aiko. Ki koma wancan layin na Lock screen a cikin gidan tunatarwar, ki ɗauki na ukun, wanda ke cewa kada a nuna komai. Mutane suna tsoronsa don suna zaton zai kashe ƙarar, alhali ba ruwansa da sauti. Ƙarfe 8 za ta yi ƙara, fuskar kuma ba abin da za ta nuna game da ita, sai kin buɗe ki tarar da sanarwar tana jiranki. Ki ba wannan gidan sauti na daban wanda ba ki amfani da shi a komai, yadda kina ji kin san na mene ne.

Anti Nas: Malam Nura ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Shika, kuma abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne dare biyun da ta makara. Ƙarar sanarwa sau ɗaya take yi ta wuce. Mace tana kicin, ko tana sallah, ko keken ɗinki yana aiki, ba za ta ji ba. In akwai wani abu a fuskar wayar, tana ɗagawa don duba lokaci za ta gani ta tuna. In ka share komai, wannan damar ta biyu ta tafi.

Abin da nake gaya wa marasa lafiyarmu shi ne su yi amfani da ƙararrawar agogon waya, wadda ake tashi asuba da ita. Ba ta yin shiru da wuri sai an taɓa ta, kuma kowa yana da ita, ba mai tambayar ka dalili. Sai dai ita tana cika fuskar waya da sunan da ka sa mata, ko tana kulle, kuma wancan ɓoyewar ba ta shafe ta. To kada ki rubuta sunan magani. Ki rubuta "ƙarfe takwas" ko "shayi", ko ki bar wurin ba komai. Magani ɗaya ne a lokaci ɗaya, ba ki buƙatar waya ta gaya miki sunansa. Game da daren da kika makara kuma, ki tambayi likitanki abin da ya dace ki yi in hakan ta sake faruwa, kada ki ninka ƙwayoyi da kanki.

Malam Nura mai gyaran waya: Anti maganarki tana kan hanya ga mai magani ɗaya. Amma mai shan kala huɗu, wani da safe wani da dare, wani kafin abinci? Shi dole ya ga rubutu, kuma manhajar tana ajiye masa tarihin ranar da ya sha da ranar da bai sha ba. Agogo ba ya yin wannan.

Anti Nas: Shi ma yana iya sa musu laƙabi, "fari na safe", "ja na dare". Tsofaffinmu da ba su karatun boko ai haka suke gane nasu. Ban ce manhajar ba ta da amfani ba, cewa nake kada a ɗora dukkan nauyin a kan ƙara guda ɗaya.

Abba Samaru: To ai akwai hanyar da ta fi duka. Android 15 ta zo da Private space, ka jefa manhaja ciki ta ɓace gaba ɗaya, ba mai sanin ma tana wayar.

Sadiya Kongo: Yana nan, gaskiyarka Abba, amma ga tunatarwar magani haɗari ne. Idan wurin yana kulle, manhajojin da ke ciki a tsaye suke cak, ba sa aiki a ɓoye kuma ba sa aiko sanarwa. Ƙarfe 8 zai zo ya wuce shiru. Haka a iPhone, in ka zaɓi Hide and Require Face ID, sanarwar wannan manhaja ba za ta zo maka ba. Baban Khalifa ka kula da wannan in ɗanka ya kawo shawarar.

Wani abin da ke lalata gyaran ba a sani ba shi ne Smart Lock, wanda a sababbin wayoyi ake kira Extend Unlock. In ka sa wayar ta amince da abin kunnenka na bulutut ko da gidanka, tana iya zama a buɗe har awa 4 alhali fuskarta a kashe. A wannan lokacin tana ɗaukar kanta a buɗe take, rubutu kuma zai fito. Wanda ya yi duk matakan nan ya ga wani lokaci yana ɓoyuwa wani lokaci ba ya ɓoyuwa, nan ya fara dubawa.

Hajiyar Gyallesu: Ni dai duk wannan ɓoye-ɓoyen ban saba da shi ba. Ciwo ai ba abin kunya ba ne, Allah ne ke ɗora wa bawa. A da maƙwabta su ke fara sani, su kawo maka kunu.

Maman Hanan: Haka ne Hajiya, ba kunya nake ji ba. So nake in zama ni zan faɗa wa wanda na ga dama, a lokacin da na ga dama, ba waya ta faɗa a shagon caji ba.

Malam Nura mai gyaran waya: Tunda Anti ta kawo maganar makara, bari in ƙara abu ɗaya. Wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ba a buɗe ta sosai don tanadin batir, tunatarwa ta zo a makare ko ta ƙi zuwa. Ki shiga bayanin manhajar, wajen Battery, ki sa Unrestricted in akwai. Daga Android 12 kuma akwai izini mai suna Alarms & reminders, ki tabbata a kunne yake mata. Gwajin minti biyu ba ya nuna wannan matsalar, don manhajar ba ta kai ga yin barci ba. Gwaji na gaske shi ne ki bar wayar tun rana ba ki buɗe manhajar ba, ki ga ko za ta yi ƙara ƙarfe 8 daidai.

Maman Hanan: Salam, na dawo da bayani bayan kwana uku. Na haɗa biyun ne. Manhajar na sa ta a kada ta nuna komai idan waya tana kulle, da sautinta na daban. Sai na sa agogo ƙarfe 8 da minti 5, na rubuta "shayi". Dare ukun duka na sha a kan lokaci, shekaranjiya ma agogon ne ya cece ni, ina wajen murhu ban ji ta farkon ba. Jiya na kai ta caji da gangan da yamma, na tsaya a wajen har takwas ta yi, ta yi ƙara ba abin da ya fito. Sai dai yau wani abu ya faru. Hanan tana kallon katun a wayar tare da 'yar maƙwabta, wayar a buɗe, sai sanarwar ta sauko daga sama da sunan maganin. Yara ne, ba su kula ba. Amma da babba na ara wa ya yi kira fa?

Malam Nura mai gyaran waya: Duk abin da muka yi na waya a kulle ne Hajiya, in tana buɗe ba ya aiki. A cikin wancan gidan akwai Pop on screen, wasu wayoyin suna kiransa da wani suna mai nufin sanarwa mai yawo a sama. In kin kashe shi ba za ta ƙara saukowa ba, ƙarar tana nan. Amma wanda ya jawo labulen sama da yatsa zai gani. Ki shiga manhajar ki canza sunan maganin zuwa laƙabi kamar yadda Anti ta ce, ainihin sunan da yawan ƙwayoyin su zauna a katin asibitinki.

Baban Khalifa: Ni kuma tambayata, ɗana ya saya min agogon hannu mai haɗuwa da waya, ba na kamfanin wayar ba ne. Jiya a masallacin Juma'a na ga saƙon banki ya fito a kansa da rubutunsa duka, alhali a wayar a ɓoye yake. Wannan a ina ake gyara shi?

Sadiya Kongo: Baba, agogon yana da tasa manhajar a cikin wayar, nan ake zaɓar waɗanda za a tura masa. Ka turo hoton shafin sanarwarta in gani, don wasu suna bari a rufe rubutu, wasu kuma sai dai ka cire saƙon tes daga jerin gaba ɗaya.

Baban Khalifa: To, bari Khalifa ya dawo daga makaranta ya ɗauko miki.